Inshorar mai gida ba ta san gadon matarka ba

Jama'a, da zafin bana gobara ta cinye ɗaki biyu da falo da ƙanena yake haya a Garwa ta Kamaru. Allah ya kiyaye rai, amma kayan ɗakin matarsa, gado, katifa, firij, keken ɗinki, atamfofin lefe, duk sun zama toka. Da muka je jaje sai kowa yake cewa ai da sauƙi, Alhaji mai gidan ya yi wa ginin inshora. Ni ma a lokacin haka na ɗauka.

Ashe abin da Alhaji ya biya wa kuɗi shi ne bango, rufi, ƙofofi da tagogi, wato dukiyarsa. Abin da ɗan haya ya shigo da shi a kan amalanke ba ya cikin takardar, ko cokali ɗaya. Ma'aikacin kamfanin ya zo ya auna kwano da katako, ya tsallake ƙonannen keken ɗinkin nan ko kallonsa bai yi ba.

Wannan ma mai sauƙi ne. A dokar haya da muka gada daga Faransa, sashe na 1733, idan gobara ta tashi a gidan haya, ɗan haya ne ake ɗora wa alhaki, sai fa in shi ya kawo hujjar cewa aibin gini ne, ko abin da ya fi ƙarfin mutum, ko wutar daga maƙwabta ta tsallako. Ƙanena ya rantse wayoyin gidan tsofaffi ne, amma wa zai tabbatar bayan komai ya narke? Kuma dokar inshora ta CIMA, wadda Kamaru da Chadi suke bi, ta ba kamfani damar ya biya mai gida sannan ya juyo kan wanda ke da alhaki ya nemi kuɗinsa. Yanzu ga ƙanena ba kaya, ga wasiƙar biyan diyya.

Shi ya sa nake ganin ɗan haya ya yi tasa inshorar, ya kuma tabbatar ta haɗa biyun: kayansa, da alhakinsa ga mai gida da maƙwabta. Kada dai a rage ƙimar kaya don kuɗin shekara ya yi arha. In kayanka na sefa 2,000,000 ne ka rubuta 1,000,000, sannan na 800,000 suka ƙone, 400,000 za a lissafa maka, kuma akasari sai an cire tsufan kaya. Sanar da kamfani asara kuwa yawanci cikin kwana 5 na aiki ne, in sata ce kuma awa 48.

Rasiɗan ƙanena suna cikin durowar gadon da ya ƙone. Ni jiya na bi ɗakunana ɗaya bayan ɗaya na ɗauki hoton kaya da rasiɗansu, na tura wa yayata a Marwa ta ajiye min.