Ku bar AUTO_INCREMENT ya huta, sabobi uku ba su da bakin ƙirga ɗaya

Wai har yanzu ana jayayya a kan abin da ya faru da manhajar shagunan maganin nan. Rassa uku, Kano da Kaduna da Zariya, kowanne da sabarsa a ƙarƙashin kantar shago saboda sabis ba ya tsayawa, an zo haɗa cinikinsu a babbar saba lissafi ya ƙi fita, kuma wai laifin yaron da ya rubuta kod ɗin haɗawa ne. To sannunku da bincike, manyan injiniyoyi. Yaron nan ba shi ya kashe zomon ba, rataya aka ba shi. An yi ɓarnar tun ranar da aka buɗe teburin ciniki aka rubuta `id INT AUTO_INCREMENT PRIMARY KEY`, aka kwafa shi a inji uku, kowa ya tafi gida yana murna.

AUTO_INCREMENT mai ƙirga ne guda ɗaya, yana zaune a cikin saba ɗaya, bai san akwai wata a duniya ba. Ka ba shi sabon layi ya ba ka lamba ta gaba. Yana yin wannan aikin da kyau, ba ni da ja. Amma idan sabobi uku ne, masu ƙirga uku kake da su, kowanne ya faro daga 1. Kamar ka buga littafin rasit uku, duk daga 001, ka raba wa shaguna uku, ƙarshen wata ka ce a kawo maka rasit mai lamba 042. Wanne a ciki?

Ku duba yadda abin yake lalacewa, domin nan ne mutane ke ruɗewa. A ce Kano ta yi ciniki 5,200, Kaduna 4,900, Zariya 3,100. Jimla 13,200. Ranar farko da aka tura su babbar saba, MySQL ya yi ihu: `Duplicate entry '1' for key 'PRIMARY'`. Wannan ihun alheri ne, gaskiya yake faɗa. Sai wani mai saurin hannu ya toshe masa baki da `INSERT IGNORE`, ko `REPLACE`, ko `ON DUPLICATE KEY UPDATE`. Jan rubutu ya ɓace, kowa ya ce Alhamdulillahi. Alhali na farkon yana zubar da layin da ya zo daga baya, sauran biyun kuma suna rufe na farko da na baya. Ko wanne aka zaɓa, babbar saba za ta tsaya da layi 5,200, daidai da reshen da ya fi yawa. Ciniki 8,000 sun tafi ba sallama. Alamar ke nan: ƙirga layukan kowane reshe, ka haɗa, ka gwada da na tsakiya. In na tsakiya ya yi daidai da na babban reshe kawai, ba sai ka kira kowa ba.

Abin da ya fi ɓatan muni shi ne auren dole. Teburin kayan da aka saya yana nuna uwarsa da `sale_id`. Layin Kaduna mai `sale_id` 1042 ya tsira, ya iso tsakiya, ya tarar da ciniki 1042 na Kano, ya manne masa. `FOREIGN KEY` ba zai ce uffan ba, domin lambar tana nan, halas ce a wurinsa. Sai ka ga rasit ɗin wanda ya sayi maganin tari ɗauke da allurar da aka sayar a wani gari, jimlar kuɗi ba ta yi daidai da kayan ba. A harkar magani ko asibiti wannan ba kuskuren lissafi ba ne kaɗai.

Maganata ɗaya ce: lambar shaidar layi a haife ta inda aka haifi layin, ba tare da an tambayi kowa ba, kuma ta zama babu irinta a ko'ina. Abin da UUID ke yi ke nan. Bit 128 ne. A nau'i na 4, 122 daga ciki zaɓin kan mai uwa da wabi ne. Sabar Zariya ta ƙirƙiri tata da tsakar dare babu sabis, wayar ɗan aike ta ƙirƙiri tata a ƙauye, su haɗu bayan mako guda ba wanda ya taka wani.

Na san masu cewa ai akwai dabarar tsallake. E, akwai:

```
auto_increment_increment = 3
auto_increment_offset    = 2
```

Kano ta riƙa 1, 4, 7, Kaduna 2, 5, 8, Zariya 3, 6, 9. Yana aiki, har ranar da Alhaji zai buɗe reshe a Katsina. Ka ba ta `offset` na 4 alhali tsallaken 3 ne, MySQL zai yi watsi da shi, haka takardunsa suka ce. Ka ce to a sa tsallaken 10 tun farko don a bar wuri. Madalla, yanzu kana cinye `INT` ninki goma, iyakarsa 2,147,483,647, kowace saba ta rage da kimanin miliyan 214. Saitin kuma na saba ne gaba ɗaya, ba na tebur ɗaya ba. Ranar da injin Kaduna ya ƙone aka kwafo hoton faifan Kano aka ɗora a sabon inji cikin gaggawa, saitin Kano ya biyo shi, sabobi biyu sun koma ƙirga iri ɗaya ba wanda ya sani. Tsarin da lafiyarsa ta rataya a kan kada wani ya manta layi biyu a fayil ɗin saiti, ni ban kira shi tsari ba.

Wasu kuma su ce a ajiye saba ɗaya mai rabon lamba, ai Flickr ta yi haka. Ta yi, har da inji biyu, ɗaya na ba da mara, ɗaya cika. Amma injinanta suna cibiyar bayanai, waya a tsakaninsu, wuta ba ta ƙiftawa. Kai reshenka na Zariya zai tsayar da mai saye a kanta yana jiran Kano ta amsa? Dalilin ajiye saba a reshe tun asali shi ne a yi ciniki ko babu sabis.

Sai tsoron karo. Wai idan UUID biyu suka zo iri ɗaya fa? Kafin yiwuwar karo guda ta kai rabi, sai ka ƙirƙiri kusan 2.7 × 10^18 na nau'i na 4. Mai shaguna uku, kwantar da hankalinka. Inda ake ganin karo a zahiri, wani ne ya haɗa nasa da `Math.random()`. A burauza ka yi amfani da `crypto.randomUUID()`, a PostgreSQL `gen_random_uuid()`, magana ta ƙare.

Ƙorafi ɗaya ne nake girmamawa, shi ne na nauyi, kuma zan yi masa adalci. InnoDB yana jera layukan tebur bisa `PRIMARY KEY` ɗinsu, a shafuka masu 16KB. Lamba mai hauhawa kullum a shafin ƙarshe take sauka, shi kuwa yana cikin RAM. UUID na 4 yana faɗawa ko'ina: a ɗauko tsohon shafi daga faifai, in ya cika a tsaga shi biyu, a mayar. Tebur yana ƙarami ba za ka ji komai ba. Ranar da ya fi ƙarfin `innodb_buffer_pool_size`, saka layi zai soma jan ƙafa, faifai ya yi ta aiki. Ga kuma girma, domin kowane indes na biyu yana ɗauke da kwafin makullin. Layi miliyan 10 da indes huɗu, makullin ya zauna sau biyar. Da `BIGINT` mai bayit 8, 400MB ne. Da `BINARY(16)`, 800MB. Da `CHAR(36)`, wanda shi ne abin da yawancin masu kukan suka yi, 1.8GB. Rabin zagin da ake wa UUID, `CHAR(36)` ne ya ja masa.

Wannan ciwon kuma an yi masa magani. RFC 9562 na watan Mayun 2024 ya kawo nau'i na 7: bit 48 na farko lokaci ne a milisakan, sauran yawanci zaɓin kan mai uwa da wabi. Sababbi suna sauka kusa da ƙarshen jeri, tsage-tsagen shafi ya ragu sosai, kuma ba a tambayi kowa ba. PostgreSQL 18 ya zo da `uuidv7()` a jikinsa. A MySQL 8, `UUID()` nau'i na 1 yake bayarwa, sai ka juya shi lokacin ya dawo gaba da `UUID_TO_BIN(UUID(), 1)`, ko ka ƙirƙiri na 7 a cikin manhajarka ka ajiye a `BINARY(16)`.

Gyaran shagunan nan ba ya bukatar a rushe komai, amma tsarin matakan shi ne rai. A kowane reshe, kafin a sake tura ko layi ɗaya, a ƙara `uid` a teburin ciniki a cika shi. Sannan a ƙara `sale_uid` a teburin kayan, a cika shi a can cikin reshen, inda tsohuwar lamba take da ma'ana har yanzu:

```sql
UPDATE sale_items i
JOIN sales s ON s.id = i.sale_id
SET i.sale_uid = s.uid;
```

Su ma layukan kayan kowanne ya sami nasa `uid`. Bayan haka a ajiye kwafin tsohon teburin tsakiya a gefe, a sake gina shi daga rassa da `uid` a matsayin makullinsa. Wanda ya yi wannan cikon a babbar saba ya ɗaura auren dolen nan har abada. Akwai kuma ribar da ba a faɗa: idan sabis ya yanke ana tsakiyar turawa, reshe ya sake turowa, `uid` ɗin bai canza ba, tsakiya ta gane layin ta ƙi ninka shi. A nan ne kawai `ON DUPLICATE KEY UPDATE` yake zama mutumin kirki.

Wai kashiya ba za ta iya karanta wa mai saye harafi 36 a waya ba. Wa ya ce ta karanta? Lambar rasit daban, makullin tebur daban. Buga mata KN-1042 da KD-1042, mai ƙirgan reshe ya ci gaba da aikinsa a nan, ba wanda ya kore shi. Abin da na ce shi ne kada a ɗora dangantakar tebura a kansa. In kuwa sabarka ɗaya ce tilo mai karɓar rubutu, riƙe `BIGINT` ɗinka lafiya, ba da kai nake ba.

Tunda an taɓo lokaci, don Allah ku riƙa duba agogon injinan rassan nan. Tsohuwar kwamfuta ce aka mai da ita saba, ƙaramin batirin CR2032 na jikin allonta ya mutu tun tuni, duk ɗaukewar wuta sai ta farka a wata shekara da ta wuce. UUID na 7 ba zai yi karo saboda haka ba, amma zai sauka nesa da ƙarshen jeri, `created_at` kuma zai ce an sayar da maganin kafin a buɗe shagon. A canza batirin, a kunna `chrony` ya riƙa daidaita agogo duk sanda sabis ya dawo, sannan manhajar ta ƙi buɗe ciniki in ta ga ranar yau ta gaza ta cinikin ƙarshe. Kuma wanda yake jona firjin shago a UPS ɗin saba, ina neman sa da magana.