Ayaba da abaya: yadda yara suka yashe mini aljihu

Daren Juma'a ne, an ɗauke wuta, yara sun ishe ni da surutu. Sai na yi musu tayi: duk wanda ya kawo kalmar Hausa da za a karanta ta daga gaba ko daga baya ta fito iri ɗaya, yana da naira 50. Wanda kuma ya kawo wadda in an juya ta take zama wata kalmar, 100. Na yi lissafina tsaf. Kusan duk kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, mafi yawansu kuma da baƙi suke farawa. Juya "tuwo" ka samu "owut", juya "kaza" ka samu "azak". Babu mai cin kuɗina.

Babban yaron ne ya fara gano ƙofar. Ya ce, "Baba, ai sai a nemi masu farawa da wasali." Kafin in gyara zama ya jero kalmomin nan: uku, iri, aya, awa, ulu, ana, aka. Na ce oho. Ya ce, "Ita ma oho ɗin a rubuta." Daga nan suka hau masu baƙi biyu a tsakiya, amma, adda, Abba. Uwargida tana daga madafa ta jefo alala, ta ce a ajiye mata hamsin ɗinta. Da na yi gyaran murya zan sa doka, ta ce, "Malam, kai ma juya kanka ka gani." Na rubuta m-a-l-a-m a bayan ambulan, na juya, ya dawo mini yadda yake.

Inda na ɗan sami sauƙi shi ne wajen alƙalanci, domin kunnen Bahaushe gaɓa yake juyawa, ba harafi ba. Aka kawo mini gari da riga, aka kawo mata da tama. Na ce a'a, wannan juyin gaɓa ne irin na wasan yara, "gari" in an bi ta harafi-harafi "irag" take zama. Aka kawo idan, wai tana zama naɗi. Na haska fitilar waya na nuna musu: d ta "idan" ba ta da lanƙwasa, ta "naɗi" tana da ita, haruffa biyu ne daban. Alwala ma ta faɗi, don a kunne kamar za ta yi, a takarda kuwa "alawla" ce. Assha ce ta jawo gardama mai tsawo. Sh sauti ɗaya ne da ake rubutawa da haruffa biyu, kamar ts, in aka raba su a juye sai a sami "ahssa". A baki ta ci, a rubuce ta faɗi. Muka sasanta a kan rabin kuɗi, 25.

Duk wannan lokacin ta tsakiyar, mai aji biyu na ƙaramar sakandare, ba ta ce uffan ba. Ashe nahawu take haɗawa. Ta ce, "Baba, in sunan mace ya fara da ra, ya ƙare da a, harafi huɗu, aka liƙa masa r ta mallaka, ai ya zama." Sai ta karanto: ranar, rawar, ragar, ramar, raɓar, raɗar, ratar, rarar. Takwas, naira 400 a numfashi ɗaya. Ta juya ɓangaren namiji da n, ta ƙara naman da nonon. Na ce waɗannan ba cikakkun kalmomi ba ne, sai an ce ranar kasuwa ko naman kaza. Ta ce ban faɗi haka a farko ba, kuma a littafin makaranta haɗe ake rubuta su. Uwarta ta ce gaskiya ne.

Dabarar nan ce ta buɗe musu masu naira 100. Noma ta zama amon, raya ta zama ayar, rawa ta zama awar, naka ta zama akan. Sunaye ma suka shigo, Ado ya zama oda, Ali ya zama Ila. Aka ce abu in an juya shi uba ne, duk suka kalle ni suka fashe da dariya. Wadda ta fi burge ni, har na biya ba gardama, ita ce ayaba: a-b-a-y-a, abaya cif. Uwargida ta ce tunda an ambace ta, dama tata ta tsufa.

Ana cikin haka aka sauke abinci, miyar kuka da nama. Auta, wanda bai ci ko sisi ba tun farawa, ya ƙura wa kwanon ido yana motsa baki, can ya daka tsalle ya ce, "Baba, nama in an juya, aman ne!" Uwarsa ta ajiye ludayi ta ce an rufe gasa. Shi kuwa ya ƙi sa hannu a tuwo sai da na ba shi ɗarinsa, kuma ta bashi ce, daga jakar uwar tasa.