La'adar kawo ɗalibi: a lissafa kafin a yi murna

Masu cibiyoyin lesin a Gusau sun san abin da ke cika musu benci, wato uwa ta gaya wa maƙwabciyarta cewa ɗanta ya ci JAMB a wuri kaza. Shi ya sa wasu ke sa tukuici, duk wanda ya kawo ɗalibi a rage masa kuɗin wata. Ban ƙi tsarin ba. Abin da na ƙi shi ne a biya tukuicin ranar rajista, sannan a ƙirga kawuna a ce an ci riba.

Mu ƙaddara wata cibiya a Tudun Wada tana karɓar naira 10,000 a wata. In an cire rabon malami da takardu da man janareta, 4,000 ke saura a kan kowane yaro. Tukuicin 3,000 ne. Yara 20 suka zo da sunan wanda ya turo su, mai cibiya ya saki 60,000 nan take, yana hangen ribar 320,000 a wata huɗu.

To, buɗe littafi. Shida daga cikinsu ƙannen tsofaffin ɗalibai ne, ko ba tukuici da ma nan za su zo, don haka ribarsu ba ta cikin wannan lissafin. Biyar sun yi wata ɗaya sun ɓace, galibi waɗanda aboki ya jawo don a rage masa kuɗi. Sauran taran ne suka zauna wata huɗun har jarrabawa. Ribar taran 144,000 ce, ta biyar ɗin 20,000, jimla 164,000. Cire tukuici, saura 104,000. Riba ce, amma ba ta kai sulusin abin da ya hango ba. Da ya jira sai yaro ya biya wata na biyu, ya kuma ware 'yan gida ɗaya da nasu rangwamen daban, mutum tara kawai zai sallama, 27,000.

Littafin ba wani abin wahala ba ne. Sunan yaro, wanda ya turo shi, ranar zuwa, da watannin da ya biya. Sai dai a rubuta mai turowar a ranar farko, daga bakin uban ko uwar, domin bayan sati biyu mutum uku za su ce su suka kawo shi. Rangwamen kuma ya tafi kan kuɗin makaranta. Kada a damƙa wa yaro tsaba, ya koma dillali a aji.

Akwai tarkon lokaci ma. Watannin gab da JAMB da WAEC aji kan cika da kansa, don haka wanda ya fara tsarin a Janairu ya gwada da Janairun bara, ba da Disamba ba. In bara an samu sababbi 30, bana 33 alhali 20 sun zo da suna, to uku kawai tukuicin ya ƙaro.