Haruffan LTD ba sa wanke bashin da aka ci tun kafin kamfani

Akwai wata shawara da ta yi kasuwa tsakanin 'yan kasuwarmu na Kumasi a 'yan shekarun nan, daga Aboabo zuwa Asawase har cikin Kejetia, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Da zarar bashi ya yi wa ɗan kasuwa katutu, sai wani mai ganin kansa ya san doka ya ja shi gefe ya ce masa ya je ya yi rajistar kamfani, ya mayar da shago da mota da sito a sunan kamfanin, daga nan babu mai iya taɓa shi. Wasu masu cika wa mutane takardun rajista har sun mayar da wannan magana abin tallar sana'arsu. Shawara ce ta ƙarya, kuma tana cutar mutum biyu a lokaci guda: tana cutar wanda ya ba da kayansa bisa amana, tana kuma jefa wanda ya bi ta cikin shari'ar da ta fi bashin farko tsada.

Ƙaryar tana samun shiga ne saboda akwai gaskiya a gindinta. Doka ta ɗauki kamfani a matsayin mutum mai zaman kansa, wanda yake mallakar dukiya, yake cin bashi, ake kuma kai shi ƙara da sunansa. An kafa wannan ƙa'ida a Ingila a ƙarshen 1896, a shari'ar Aron Salomon, wani mai sana'ar takalma a Landan wanda ya riƙe hannun jari 20,001 cikin 20,007 na kamfaninsa, matarsa da 'ya'yansa biyar suka riƙe ɗai-ɗai. Da kamfanin ya durƙushe, masu bin bashi suka nemi a kama shi da kansa, amma kotun ƙoli ta wancan zamani ta ce bashin na kamfani ne, ba nasa ba. Ghana ta gaji wannan ƙa'ida, tana cikin tsohuwar dokar kamfanoni ta 1963, tana kuma cikin wadda ta maye gurbinta a 2019, wato doka mai lamba 992. Abin da masu ba da shawarar ba sa faɗa shi ne cewa Salomon ya kafa kamfaninsa ne tun kasuwa tana ci, kuma masu binsa bashi sun san da kamfani suka yi ciniki. Tambayar da kotu take yi ita ce wanne ya riga wani, bashin ko kamfanin, kuma don me aka kafa kamfanin.

Bari mu ɗauki misali irin wanda kowa ya sani a kasuwar hatsi. Wani ɗan kasuwa yana da rajistar sunan kasuwanci kawai, irin wadda ake yi ƙarƙashin dokar 1962 mai lamba 151, wadda ba ta raba mutum da kasuwancinsa ko kaɗan. Ya karɓi masara buhu 400 daga wani mai kawo kaya daga Techiman, a ce kowane buhu sidi 500, jimla sidi 200,000. Ya biya 50,000 ta momo, saura 150,000, sai biya ya tsaya. Bayan wata uku, da ya ga sammaci na tafe, sai ya yi rajistar kamfani, ya sa matarsa da ƙanensa a matsayin daraktoci, ya mayar da sito da motar ɗaukar kaya a sunan kamfanin, ya sa mai fenti ya ƙara LTD a ƙarshen allon shago. Shagon bai motsa ba, lambar waya ba ta canza ba, yaran shago su ne dai na jiya. An canza wa tuwo suna ne kawai.

A irin wannan hali bashin sidi 150,000 bai je ko'ina ba, domin tun ranar da aka sauke masarar shi ne mai cin bashin da kansa, kuma kamfanin da ba a haifa ba a lokacin ba zai iya ɗauke masa shi ba. Abin da ya rage shi ne dukiyar da ya ɓoye, kuma a nan ne kotu take yaye labulen kamfani, wato ta tsallake sunan kamfanin ta kama mutumin da ke bayansa. A shari'ar Jones da Lipman ta 1962 a Ingila, wani mutum ya yi alkawarin sayar da gida, sai ya sake ra'ayi ya mayar da gidan ga kamfanin da yake juyawa shi kaɗai don kada a tilasta masa cika ciniki, kotu kuwa ta umarci shi da kamfanin baki ɗaya su miƙa gidan. Kotun Ƙolin Birtaniya ta sake jaddada wannan iyaka a 2013 a shari'ar Prest, inda aka bayyana cewa wurin da ya halatta a keta labulen shi ne inda mutum yake da wani haƙƙi a wuyansa, sannan ya gitta kamfani da gangan don ya kauce masa. Waɗannan hukunce-hukunce ba su ɗaure kotunanmu ba, amma alƙalanmu suna duba su, kuma ɗan kasuwarmu na misali ya faɗa tsakiyar abin da suka bayyana.

Hanya ɗaya ce take iya kuɓutar da shi, kuma ita ce tarkon da nake so masu ba da kaya bashi su gane. Idan ya zo da fara'a ya ce wa mai masara yanzu ya zama kamfani, don haka a sake rubuta takardar bashin da sunan kamfanin, mai masara kuma ya sa hannu a kan cewa kamfanin ne zai biya a madadinsa, to ya saki mutum mai gida da mota ya kama kamfanin da wataƙila babu komai a asusunsa. Mutane da yawa suna sa hannu a irin wannan takarda suna murna, suna ganin bashinsu ya sami ƙarfi saboda ya hau takarda mai tambari.

Akwai kuma masu cewa kowane mai kamfani a kama shi da bashin kamfaninsa, tunda shi ke cin riba. Wannan magana ce ta ɓacin rai, kuma da an bi ta da babu mai hankalin da zai zuba kuɗinsa a kasuwancin da ba shi ke tsare da shi ba. Kotun Ƙolin Ghana ta rufe wannan ƙofa a ƙarshen shekarun 1990 a shari'ar Morkor da Kuma, wadda ta taso daga bashin kifi da ake bin kamfanin East Coast Fisheries. Mai ƙara ya haɗa kamfanin da shugabarsa a cikin ƙara ɗaya, amma kotu, ta bakin Mai Shari'a Sophia Akuffo wadda daga baya ta zama Alƙaliyar Alƙalai, ta ce kasancewar mutum shugaba ko darakta ko mai hannun jari bai isa ya ɗora masa bashin kamfani ba, sai an nuna cewa an yi amfani da kamfanin don zamba ko don guje wa wani haƙƙi. Saboda haka da a ce kamfanin ɗan kasuwarmu ya daɗe da kafuwa, da sunan kamfanin aka karɓi masarar, sannan farashi ya faɗi ko ruwa ya lalata sito, to mai masara kamfani yake bi, kuma gidan mai kamfani ba ya cikin lissafi. Wannan hukuncin kotu ne, ba ya share abin da addini ya ce a kan haƙƙin mutane, amma kotu ba za ta wuce nan ba. Kai irin wannan magana ofishin 'yan sanda don a tsorata darakta kuwa ba ya mayar da bashi laifi.

Ko a kamfanin da ya daɗe, labulen ba ya kare wanda ya yi wasa da doka, kuma a nan masu tallar rajista suke yin shiru gaba ɗaya. Dokar 992 ta wajabta wa kowane kamfani daraktoci biyu aƙalla, kuma idan ya ci gaba da kasuwanci fiye da mako huɗu da ƙasa da haka, darakta da masu hannun jarin da suka san da hakan suna ɗaukar bashin da aka ci a wannan tsakanin da kansu. Kamfanoni nawa ne a zangonninmu da darakta na biyu ya rasu tun shekarun baya, babu wanda ya je ofishin rajistar kamfanoni ya naɗa wani? Dokar 2020 mai lamba 1015, wadda ta shafi kamfanonin da suka kasa biyan bashi, ita ma ta ba kotu ikon ɗora bashi a kan wanda ya tafiyar da kamfani da niyyar cutar masu bin bashi. Daraktan da ya san kamfaninsa ya riga ya mutu, amma ya karɓi wasu buhu 400 ya sayar ya zuba kuɗin a ginin gidansa, ba shi da wurin ɓuya a bayan haruffa uku.

Wahalar tana wajen hujja, kuma wannan ne ya sa masu wannan dabara suke ganin kamar suna cin nasara. Nauyin tabbatarwa yana kan mai bin bashi, dole ne lauyansa ya zayyana zambar dalla-dalla a takardar ƙara, kuma dokar shaida ta 1975 ta ce idan aka zargi mutum da aikata laifi a shari'ar da ba ta laifi ba, sai an tabbatar da shi ba tare da kokwanto ba. Abin da ke cin shari'a shi ne kwanakin wata: ranar da aka sauke kaya, ranar da aka nemi biya a rubuce, ranar rajistar kamfani, ranar da aka canza sunan mai mota a takarda, da ko kamfanin ya biya kuɗin motar da gaske ko kyauta aka ba shi. Haka nan bayanan momo da na banki suna nuna ko kuɗin ciniki asusun kamfani suke shiga ko aljihun mai gida. Mu kuwa mun saba da ciniki na baki da shaidar dillali, kuma dillali ba ya riƙe kwanan wata.

Ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan zango su fito su ƙaryata wannan shawara a fili, ofishin rajistar kamfanoni kuma ya sa ido a kan masu sayar da ita. Shi kuma mai ba da kaya bashi ga kamfani, kafin mota ta tashi ya nemi mai kamfanin ya rubuta ya sa hannu cewa ya tsaya wa bashin da kansa, kamar yadda bankuna suke yi wa ƙananan kamfanoni kafin su ba su rance. Idan akwai wannan takarda, ba a ma buƙatar roƙon kotu ta yaye wani labule, domin mai kamfanin ya riga ya shiga cikin bashin da sa hannunsa.