Waƙa a agogon hannu na zamani ba ta buƙatar intanet wajen saurare

Wani ya yi tambaya: "Na zuba waƙoƙi a agogona, amma daga na fita bayan gari, hanyar Dakoro, sai su ƙi tashi. Dole sai da Wi-Fi ke nan?"

A'a. Aikin Wi-Fi ya ƙare da zarar waƙar ta sauka cikin ma'ajiyar agogon. Matsalar ita ce sau da yawa sunayen waƙoƙin kawai ke bayyana a fuskar agogo, su kuwa suna cikin waya ko a intanet. Yawancin agogunan nan masu araha ma ba su da ma'ajiyar waƙa, wayar kawai suke sarrafawa.

In naka na da ma'ajiya, ɗora shi a caji kafin ka fara saukewa, domin wasu ba sa yarda su sauke in batir ya yi ƙasa. Haɗa shi da Wi-Fi na 2.4 GHz, agoguna da dama ba sa ganin 5 GHz sam. In babu rauta a gida, kunna rabon intanet na wata waya, ka sa mata 2.4. Waƙar MP3 ta minti 4 a 128 kbps ba ta kai MB 4 ba, ɗari za su ci kusan MB 400.

Gwajin mai sauƙi ne: kashe wayar gaba ɗaya, kashe Wi-Fi na agogon, haɗa abin kunne na Bluetooth da agogon kai tsaye. Waƙar da ta tashi, ita ce ta sauka cikin agogon.