Sallamar Safiya a Wurin Aiki: Nasiha ga Wanda Ke Shigowa Kai a Sunkuye

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Wannan nasiha ina yi wa kaina ne da farko, sannan ga duk wanda Allah Ya ɗora wa shugabancin mutane a wurin aiki, ko da mutum uku ne a ƙarƙashinsa.

A shekara ta 9 bayan Hijira, Ka'abu ɗan Malik, Allah Ya ƙara masa yarda, bai fita yaƙin Tabuka ba, kuma ba shi da wani uzuri. Da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dawo Madina, Ka'abu ya faɗi gaskiya, sai aka umarci Musulmi da kada su yi magana da shi da wasu sahabbai biyu da su ma ba su fita ba. Ba a doke shi ba, ba a ci shi tara ba, magana kawai aka janye masa har kwana 50. Shi da kansa ya ba da labarin, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa yakan yi wa Annabi sallama bayan salla, sannan ya riƙa tambayar kansa ko leɓɓansa sun motsa da amsa ko ba su motsa ba. Ya haura katangar gonar ɗan baffansa Abu Ƙatada, wanda ya fi kowa soyuwa a gare shi, ya yi masa sallama, bai amsa ba, har hawaye suka zubo masa.

Abin da nake so mu lura da shi shi ne, hana mutum gaisuwa horo ne mai nauyi wanda aka yi shi a kan babban laifi, da umarnin Annabi, kuma aka ɗage shi da saukar wahayi. Mu kuwa muna yi wa abokan aikinmu irin wannan horo kowace safiya, ba tare da sun yi laifin komai ba, sau da yawa ma ba mu san muna yi ba.

Na taɓa riƙe wani ƙaramin asibiti a karkara. Akwai lokacin da damuwar gida ta yi mini yawa, sai na ɗauki ɗabi'ar shigowa da ƙarfe bakwai da rabi, waya a kunne, in wuce maigadi a bakin ƙofa, in wuce mai shara, in tsaya gaban wadda ta kwana a bakin aiki in ce mata, "Ina rajista?" Ban ƙi kowa ba, ban kuma yi fushi da kowa ba, amma su ba su ga zuciyata ba, fuskata suka gani. Wata ranar rigakafi, maigadin, dattijo ne da ya haife ni, ya lura tun cikin dare cewa firjin alluran ya daina ƙugi, fitilarsa kuma ta mutu. Da na iso ya miƙe daga bencinsa, ya cire hularsa ya mayar, ya bi ni da ido, ni kuma na wuce. Alluran nan ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma da ya faɗa mini a lokacin, da mun kwashe su zuwa akwatin sanyi tun rana ba ta ɗaga ba. Sai wajen ƙarfe goma mai kula da rigakafi ta duba ma'auni ta tarar ya haura 8, ga mata sun cika rumfa da jarirai a baya. Dole muka ware alluran har jami'in ƙaramar hukuma ya zo ya duba su, muka sallami matan, wasunsu kuwa daga ƙauyuka masu nisa suka tako da ƙafa.

Da na tambaye shi dalilin shirunsa, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, kwana biyu ba ka kula ni, na ɗauka wani laifi na yi, shi ya sa na ji nauyin tare ka." Akwai sakacinmu na rashin duba ma'auni da wuri, wannan ban musa ba, amma labarin yana bakin ƙofa tun asuba yana jiran wanda zai ce, "Baba, ina kwana? Yaya kwanan asibiti?"

A nan na fahimci yadda gaisuwa ke aiki a tsakanin ma'aikata. Na ƙasa ba ya iya tsayar da na sama haka kawai ya faɗa masa matsala, musamman a al'adarmu ta kunya da kawaici, amma idan an gaishe shi an tambaye shi yadda aka kwana, an ba shi izinin magana ke nan. Idan kuma aka wuce shi, zai wuni yana lissafin laifin da ya yi, abokan aikinsa su riƙa raɗa cewa yau oga ba fuska, kowa ya ja jikinsa ya yi iya abin da aka sa shi. Alamar da shugaba zai gane cewa wurinsa ya kai wannan hali ita ce hira ta yanke da zarar ya shigo, kuma labarin ɓarna ba ya isowa gare shi sai bayan ta gama aukuwa.

Wani zai ce ai ƙarami ne ke gai da babba. Haka ne, amma hadisin da ya faɗi wannan ya kuma ce mai wucewa shi ke yi wa na zaune sallama, kuma da safe shugaba ne mai shigowa, maigadi ne na zaune. Anas ɗan Malik ya wuce wasu yara ya yi musu sallama, ya ce haka Annabi yake yi. Wanda ya fi kowa daraja ya fara gai da yara, to wane matakin albashi ne zai hana mutum gai da masinja?

Abin da ya fi rashin gaisuwa ɓata zukata shi ne zaɓe a cikinta, wato mutum ya shiga ɗaki mai mutum biyar, ya yi musabaha da biyu yana dariya, ya tsallake uku. Waɗanda aka tsallake ba sa mantawa, kuma daga nan ake fara samun 'yan gaban goshi da 'yan bora a ofis ɗaya. Idan kuwa saɓanin jiya ne ya sa ka kau da kai, ka tuna hadisin Abu Ayyub cewa bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, kuma mafificinsu shi ne wanda ya fara sallama. Abokin aikin da ba Musulmi ba shi ma yana da haƙƙin "barka da safiya, an tashi lafiya?" da sakin fuska, haka nan tsakanin maza da mata kalma mai mutunci ta wadatar ba sai an miƙa hannu ba.

Amsawa kuma wajibi ce, domin Allah Ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 86, idan an gaishe mu da gaisuwa mu amsa da wadda ta fi ta kyau ko mu mayar da irinta. Gunaguni a cikin maƙogwaro alhali ido yana kan waya ba mayar da irinta ba ne. Sai dai gaisuwa tana da iyaka, bai kamata ta zama hirar rabin sa'a ana jiranka a layi ba, kuma wanda ka tarar yana yi wa jariri allura ko yana ƙirga kuɗi, ka ce masa "sannu da aiki" a hankali ka wuce.

Tun daga ranar nan nake sa wayata a aljihu kafin in shigo ƙofa. Ina farawa da maigadi, sai mai shara, sai wadda ta kwana, kowa in kira shi yadda ya dace, in tambayi gajiya da iyali da mai jiki idan akwai, sannan in tsaya in saurari amsar. Zagayen duka bai kai minti biyar ba, kuma sai na gama shi nake tambayar rajista.