Layuka huɗun da ke saman CV: a rubuta su da idon mai ɗauka, amma ban da ƙarya

Kwanakin baya 'yar ƙanwata ta turo mini CV ɗinta ta WhatsApp, ta ce, "Kawu, don Allah duba mini kafin in aika, jibi za a rufe." Wata ƙungiyar agaji ce da ke aiki a Maiduguri take neman mataimakin jami'in bibiya da tantance ayyuka, wato aikin da ake kira M&E. Na buɗe takardar, na fara daga sama kamar yadda duk mai tantancewa zai fara. A ƙarƙashin sunanta akwai ɗan sakin layin nan na gabatar da kai, kuma abin da ya ƙunsa shi ne ita matashiya ce mai ƙwazo da juriya, mai iya aiki da jama'a, mai burin ba da gudummawa ga ci gaban ma'aikata. Sai ta ƙara da cewa tana da gogewar shekara uku, ta ƙware a Power BI, wato manhajar nazarin bayanai da nuna su a zane, kuma tana jin Kanuri.

Rabin farko na san inda ya fito, domin na sha ganinsa. Shi ne wanda masu shagon kwamfuta ke da shi a ajiye, duk wanda ya zo sai a canza suna a buga masa. Rabin na biyu shi ya tayar mini da hankali, domin na san yarinyar nan tun tana goye, kuma ban taɓa jin ta yi Kanuri ba in ban da gaisuwa.

Ra'ayina a kan wannan ɗan sakin layi shi ne, aikinsa guda ne: ya amsa manyan buƙatu uku na sanarwar aikin, da kalmomin da masu sanarwar suka yi amfani da su, kuma kowace amsa ta tsaya daidai inda gaskiyar mai neman ta tsaya. Masu neman aiki da yawa suna faɗuwa ta ɗayan ɓangarorin biyu. Wasu ba sa kallon sanarwar ko kaɗan, CV guda suke watsawa ko'ina. Wasu kuma sun ji an ce a daidaita CV da sanarwa, sai suka ɗauka ma'anarsa a kwafe duk abin da aka nema a ce ana da shi.

Mu fara da gano ukun. Sanarwar da ta turo mini tana da sharuɗɗa goma sha huɗu, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Galibin irin waɗannan sanarwoyi, ko a ReliefWeb ka gan su ko a Jobberman ko MyJobMag, suna raba sharuɗɗan gida biyu. Akwai waɗanda aka sa ƙarƙashin `Essential` ko `Required`, wato na dole, akwai kuma `Desirable` ko `Added advantage`, wato in akwai ya yi kyau, in babu ba laifi. Power BI ɗin da ta yi wa kanta ƙarya a kansa yana cikin kashi na biyu ne. Ta ɗauki nauyin ƙarya a kan abin da ba a ma wajabta mata ba.

A cikin na dolen ma akwai na gaba-gaba. Na ce ta ɗauko biro ta ja layi a ƙarƙashin duk abin da ya fito fiye da sau ɗaya, musamman wanda ya bayyana a jerin ayyukan yau da kullum sannan ya sake bayyana a jerin sharuɗɗa. Tattara bayanai da KoboToolbox ko ODK, wato manhajojin cike fom ɗin bincike a waya, ya fito sau uku. Tsaftace bayanai da haɗa rahoton wata-wata a Excel ya fito sau biyu. Gogewar shekara biyu a aikin fili ita ce ta farko a jerin na dole. Digiri ma na dole ne, amma kusan duk wanda zai nemi aikin yana da shi, kalma biyu sun ishe shi. Harshe kuwa an rubuta Hausa dole, Kanuri ƙarin tagomashi. Cikin kwata ɗin awa ukun suka fito fili: Kobo, Excel da rahoto, sai shekarun gogewa.

Daga nan ne aikin ya yi nauyi, domin sai mutum ya zauna ya yi wa kansa hisabi. Na tambaye ta ina shekara ukun suka fito. Ta ce ai shekara uku ke nan da ta gama jami'a. Na ce to mu ƙirga watannin da kika yi kina aiki. Ta yi hidimar ƙasa a sashen lafiya na wata ƙaramar hukuma, inda ta yi kusan wata goma sha ɗaya tana haɗa rahotannin ƙananan asibitoci 23 a Excel duk ƙarshen wata. Bayan nan ta yi aikin tattara bayanai na wucin gadi sau uku: wata uku, wata biyu, wata biyu. Jimla wata goma sha takwas, shekara ɗaya da rabi. Kuma ranakun nan duka suna nan a rubuce a ƙasan CV ɗin nata. Duk mai tantancewar da ya karanta "shekara uku" a sama, ya gangaro ya haɗa watanni ya samu goma sha takwas, to daga lokacin ya daina yarda da sauran abin da ke takardar, har da na gaskiyar.

Batun Kobo ma sai da muka warware shi. Akwai bambanci babba tsakanin wanda aka miƙa wa waya da fom a ciki ya shiga gida-gida yana cikewa, da wanda ya iya gina fom ɗin da kansa, ya tsara cewa in an amsa "a'a" a tambaya ta biyar a tsallake zuwa ta tara, ya sa wa gurbin shekaru iyaka don kada a shigar da 250. Ita ta cike fom na gidaje wajen 400, ta kuma gina ƙananan fom guda biyu a aikinta na ƙarshe. Wannan abin faɗa ne da ƙarfin gwiwa. Amma "ƙwararriya" ba ta kai ba tukuna, kuma lambobin nan biyu sun fi kalmar ƙwarewa amfani a wajen mai karantawa, domin sun nuna masa daidai inda take.

Ga ma'anar abin da muka rubuta a ƙarshe, ko da yake da Turanci yake a takardar: "Mai digiri a fannin ƙididdiga, da gogewar wata 18 a tattara bayanan lafiya da haɗa rahoto, ciki har da shekarar hidimar ƙasa. Na tattara bayanai daga gidaje kimanin 400 da KoboToolbox a bincike uku, na gina fom biyu da kaina. Na yi wata 11 ina tsaftacewa da haɗa rahoton wata-wata na asibitoci 23 a Excel. Ina jin Hausa da Turanci sosai." Jimloli huɗu. Power BI ya koma ƙasa, a sashen ƙwarewa, da bayanin cewa tana matakin koyo. Kanuri ya fita gaba ɗaya.

Ba ta ji daɗi ba. Ta ce, "Kawu, sun ce shekara biyu, ni kuma na rubuta musu da hannuna cewa ban kai ba. Wasu fa biyar za su rubuta." Wannan ƙorafi ne mai nauyi, kuma ba zan yi kamar ba shi da tushe ba. Akwai ma'aikatun da ke tace takardu da ma'auni mai tsauri, duk wanda bai cika wata 24 ba a ajiye shi gefe, kuma akwai waɗanda suka yi ƙarya suka tsallake wannan matakin. Wanda ya shekara uku yana zaune a gida, iyaye na kallonsa, ba a yi masa wa'azin gaskiya da baki mai sauƙi. Gaskiyar tana iya jawo masa asarar kira zuwa ganawa, wani lokaci.

Sai dai a duba abin da ke bayan matakin farkon. Irin wannan aiki ba kasafai ake bayar da shi da hira kaɗai ba. Akan ba da gwaji a aikace: a turo maka tarkacen bayanai a Excel, a ce cikin awa ɗaya ka cire maimaici, ka fitar da jimla da `PivotTable`, wato teburin taƙaita bayanai na Excel, ka rubuta abin da ka gani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya ce ya ƙware a Power BI, tambayar farko da za a yi masa ita ce ya nuna wani aiki da ya taɓa yi da shi. Bayan nan a kira waɗanda ya bayar a matsayin masu ba da shaida, a tambaye su tsawon zamansa da abin da ya yi. Kuma fom ɗin neman aiki na manyan ƙungiyoyi yawanci yana ƙarewa ne da shaidar cewa duk abin da aka rubuta gaskiya ne, ƙarya kuma na iya jawo kora ko bayan an ɗauki mutum.

Abin da ya fi damuna ma ba kamun ba ne. A ce ƙaryar Kanurin ta wuce, an ɗauke ta, an tura ta wani ƙauye a Borno ta zauna gaban wata uwa ta nemi amincewarta kafin tambayoyi, ta kuma tambaye ta sau nawa yaranta suka ci abinci jiya. In ba ta fahimci amsar ba, wani abu za ta cike a fom ɗin, kuma da irin waɗannan amsoshin ake tsara wa za a kai wa tallafi. Wanda ya rubuta sharaɗin harshe a sanarwa yana da dalili, kuma dalilin ya shafi mutanen da ba su san an yi wata CV ba.

Daidaita kalmomi da na sanarwa kuwa ba yaudara ba ce, kuma ina so a bambance. In sanarwa ta ce "tsaftace bayanai", ke kuma a da kin rubuta "aikin kwamfuta a ofis", alhali abin da kike yi shi ne gyara kurakuran rahotanni da cire maimaici, to kiran aikin da sunan da suka sani taimako ne ga mai karantawa. Matasanmu da yawa suna da gogewar da ba su san sunanta ba, musamman abin da suka yi a hidimar ƙasa, sai su binne ta a shafi na biyu. Ma'aunin da na ba ta shi ne, duk jimlar da ta sa a sama, ta tabbata za ta iya yin minti biyu tana ba da labarinta dalla-dalla, kuma akwai layi a ƙasan takardar da ke mara mata baya.

Akwai iyaka, ba shakka. In mutum ya fitar da manyan buƙatu ukun ya ga ba shi da ko ɗaya, babu dabarar rubutun da za ta cike gurbin, gara ya adana ƙarfinsa don wata sanarwar. In yana da biyu cikakku, na ukun kuma ya kusa, kamar wata 18 a inda aka nemi 24, to ya nema, ya fara da mafi ƙarfinsu, ya faɗi na ukun yadda yake.

Ta aika takardar a daren da za a rufe. Bayan mako guda ta sake turo mini wata sanarwar, wannan karon ta jami'in shigar da bayanai a wani shirin lafiya a Katsina, tana tambaya ko ta aika waccan CV ɗin yadda take. Na ce ta fara jan layi tukuna. A wannan sanarwar babu Kobo ko sau ɗaya, rahoton asibitoci ne ya fito sau huɗu, don haka asibitoci 23 ɗin nan su ne za su koma jimla ta farko.